Tambayoyi Shida a Shafi Ɗaya: Yadda Ake Tambayar Tsohon Shugaba Kafin a Ɗauki Ma'aikaci

Duk wanda ya taɓa zama don tantance masu neman aiki ya san takardar nan da ake maƙalawa a bayan takardun makaranta. Tana ɗauke da tambarin wata ma'aikata, tana cewa mai ita mutum ne mai gaskiya da riƙon amana, mai ƙwazo, mai zaman lafiya da kowa. Idan masu nema arba'in ne, to takardun ma arba'in ne, kuma da wuya ka bambance ɗaya da ɗaya. Ba lallai ba ne ƙarya aka rubuta a ciki. Matsalarta ita ce an rubuta ta ne don a miƙa wa mai ita a hannunsa, kuma babu shugaban da zai dubi idon yaronsa ranar sallama ya ba shi takardar da ta faɗi aibinsa.

Shi ya sa ma'aikatun da suka san abin da suke yi ba sa tsayawa a kanta. Sukan rubuta wa mutumin da ya shugabanci mai neman aikin kai tsaye, su yi masa 'yan tambayoyi ƙididdigaggu, su faɗa masa ranar da suke son amsa. Wasiƙar ba ta wuce shafi ɗaya. Amma amfaninta ko rashinsa ya rataya ne a kan abu guda: shin tambayoyin suna neman abin da mutumin ya gani da idonsa, ko ra'ayinsa kawai suke nema?

Wa za a tambaya?

Malamai suna kawo labarin wani mutum da ya zo gaban Sayyidina Umar zai yi wa wani shaidar kirki. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa, ko ya taɓa yin tafiya da shi, ko sun taɓa yin hulɗar kuɗi. Da mutumin ya amsa cewa babu ko ɗaya, sai Umar ya nuna masa cewa bai san shi ba. Wannan ma'auni shi ne har yau ake aiki da shi a ofis, ko da ba a ambaci tushensa ba. Wanda ya dace a tambaya shi ne wanda yake raba wa ma'aikacin aiki, yake duba abin da ya yi, yake sa hannu a takardar hutunsa. Babban darakta da yake ganinsa sau biyu a shekara suna gare shi, amma ba shi da labari. Kawu da limamin unguwa da mai unguwa suna iya shaidar asali da tarbiyya, sai dai ba su taɓa ganinsa yana ƙirga kaya ba.

A nan ma ya kamata a raba abubuwa biyu da mutane kan haɗa. Mai tsayawa, wato garanto, ya ɗauki alkawarin cewa idan ma'aikaci ya yi ɓarna shi zai biya ko ya kawo shi. Tsohon shugaba kuwa bai ɗauki lamunin komai ba, shaida kawai yake bayarwa a kan abin da ya riga ya wuce. Samun garanto bai ɗauke buƙatar tambayar tsohon shugaba ba, domin garanto yana amfani ne bayan ɓarna ta auku.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Wani kamfanin sarin kayan masarufi a Kano yana neman wanda zai riƙe masa sito. An yi intabiyu, an tsayar da mutum ɗaya. A takardarsa ya rubuta cewa ya yi aiki a wani kamfanin rarraba kaya a Kaduna daga Maris 2021 zuwa Fabrairu 2024, a matsayin shugaban sito, da yara shida a ƙarƙashinsa. Ya kuma ba da sunan manajan da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, da lambar wayarsa.

Kafin a rubuta komai, akwai abubuwa biyu. Na farko, a nemi izinin mai neman aikin a rubuce, ko da layi biyu ne da sa hannu. Wannan ladabi ne, kuma kariya ce. Tun watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane, da hukumar da ke kula da ita, kuma tarihin aikin mutum yana cikin bayanan da ba a yawo da su sakaka. Tsohon manajan da ya ga takardar izini zai fi sakin jiki. Idan kuma mai neman aikin yana wani wurin har yanzu, kada a tuntuɓi shugabansa na yanzu sai ya amince, kuma an fi so sai an riga an yi masa tayin aikin. An sha korar mutane saboda wata waya da aka buga ba da saninsu ba, su rasa na hannu, su rasa wanda suke nema.

Na biyu, a tabbatar da cewa manajan manaja ne. Lambar da mai neman aiki ya bayar tana iya zama ta abokinsa da suka shirya magana. Hanyar gano haka ba ta da wuya. A samo lambar kamfanin na Kaduna ta wata hanya dabam, daga rasidinsu ko allon ƙofarsu ko wani dillalin da yake hulɗa da su, a kira a tambaya ko wane yana aiki a nan, kuma mene ne muƙaminsa. Idan akwai adireshin imel na kamfanin, ta nan za a aika. Idan manajan ya bar wurin, babu laifi a tambaye shi, amma sai ofishin ma'aikata na kamfanin ya tabbatar da cewa ya taɓa riƙe wannan kujera a wancan lokacin.

Wasiƙar kanta

Ga yadda wasiƙar kamfanin na Kano za ta kasance, an aika ta ranar Litinin, 4 ga wata:

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Malam Wane ya nemi aikin mai kula da sito a kamfaninmu, ya kuma ba da sunanka a matsayin wanda ya shugabance shi. Ga takardar izininsa a haɗe. Aikin ya ƙunshi riƙe makullan sito, karɓa da fitar da kaya, rubuta lissafinsu kullum, da kula da ma'aikata huɗu. Muna roƙon ka amsa mana waɗannan tambayoyi gwargwadon abin da ka sani da kanka:

1. Daga wane wata zuwa wane wata ya yi aiki a wurinku, kuma mene ne sunan muƙaminsa?
2. Wata nawa ya yi a ƙarƙashinka kai tsaye, kuma wane aiki ne yake hannunsa kullum?
3. A lokutan ƙidayar kaya, an taɓa samun giɓi a ɓangaren da yake riƙe da shi? Idan an samu, me bincike ya nuna?
4. An taɓa ba shi takardar tuhuma ko gargaɗi a rubuce? Idan an ba shi, a kan me, kuma yaya aka ƙare?
5. Shi ya ajiye aiki ko sallamarsa aka yi, kuma akwai binciken da ba a kammala ba lokacin da ya tafi?
6. Da gurbi zai samu a wurinku na irin aikin da muka bayyana a sama, za ka ɗauke shi? Me ya sa?

Za mu yanke shawara ranar Laraba, 13 ga wata, don haka muna roƙon amsarka ta iso mu kafin ƙarfe 12 na ranar Litinin, 11 ga wata. Idan waya ta fi maka sauƙi, ka ba mu lokaci mu kira ka, ba za mu wuce minti goma ba. Amsarka za ta tsaya ne a hannun mutum biyu da ke kula da ɗaukar wannan ma'aikaci.

Mun gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri.

Ke nan. Babu dogon tarihin kamfani, babu fom mai shafi huɗu. Manajan da ake rubuta wa ba ya bin ka bashin komai, yana da motocin da yake jira a sauke, kuma abin da ya fi ƙarfin minti goma zai ce sai gobe. Gajartar wasiƙar ita ce take sa a amsa ta.

Jimlar da ta bayyana aikin, wato makullai da lissafi da yara huɗu, ba ado ba ce. Ita ce take ba manajan ma'aunin da zai auna amsarsa. Mutum yana iya zama gwanin lodi da sauke kaya, amma idan aka ba shi littafin lissafi ya rikice. In ba ka faɗi aikin da za ka ba shi ba, za a yaba maka shi a kan aikin da ba shi kake nema ba.

Dalilin kowace tambaya

Tambayoyi biyu na farko na tabbatarwa ne. Lura da cewa wasiƙar ba ta ce mai neman aikin ya faɗa mana ya yi shekara uku yana shugaban sito, haka ne? Da an rubuta haka, manajan da yake sauri zai ce haka ne, ya wuce. An bar masa gurbin ne ya cike da kansa, sannan a gwama abin da ya rubuta da abin da mai neman aikin ya rubuta. Tambaya ta biyu kuma tana auna shi mai ba da shaidar. Wanda ya shugabanci mutum wata uku, maganarsa ba za ta yi nauyin ta wanda ya shugabance shi shekara biyu ba.

Tambaya ta uku ita ce zuciyar wasiƙar, kuma ita ce take canzawa daga aiki zuwa aiki. Ka tambayi kanka: idan wannan ɗaukar ta lalace, ta ina za ta lalace? A sito, ta ɓacewar kaya ne, don haka ake tambayar ƙidaya. Da direba ake nema, sai a tambayi haɗari nawa ya yi da motar kamfani da yadda lissafin mansa yake fitowa. Da malamin firamare ne, sai a tambaya ko an taɓa kawo ƙararsa kan yadda yake mu'amala da yara. Da mai karɓar kuɗi ne, sai a tambayi yadda kuɗin akwatinsa suke daidaita da rasidi idan an tashi. Idan ka tambayi manaja ko wane mai amana ne, zai ce maka mai amana ne, domin faɗin akasin haka zargi ne mai nauyi, kuma Bahaushe ba ya son a ce shi ya toshe wa wani hanyar abinci. Amma idan ka tambaye shi abin da ƙidayar kaya ta nuna, ba hukunci ka nema a wurinsa ba, labarin abin da ya faru ka nema, kuma wannan ya fi sauƙin faɗa.

Ta huɗu da ta biyar suna neman abin da yake rubuce a fayil. An ce a rubuce ne da gangan, don a raba abin da aka bincika da abin da ake raɗe-raɗi. Rabin tambaya ta biyar, batun binciken da ba a kammala ba, yana toshe wata kafa da aka daɗe ana bi. Ma'aikaci ya ga an fara bincikensa, sai ya yi maza ya miƙa takardar ajiye aiki, kamfani kuma ya ga ya huta, ya rufe fayil. A takarda, mutumin ya tafi ne don kansa. Manyan ƙungiyoyin agaji na duniya, irin waɗanda suke aiki a Maiduguri da Diffa, sun koyi wannan darasi da zafi bayan abin kunyar da ya fito fili a 2018 game da wasu ma'aikatan Oxfam a ƙasar Haiti. A 2019 suka fara wani tsari na musayar bayani a tsakaninsu, wanda a ciki ake tambayar wuraren da mutum ya yi aiki a shekaru biyar na baya ko an taɓa kama shi da laifin lalata ko cin zarafi, da kuma ko ya tafi ana cikin bincikensa. Tambayoyin ba su da yawa, kuma kowacce ana iya amsa ta da e ko a'a.

Ta shida ita kaɗai ce take neman ra'ayi, kuma an ajiye ta a ƙarshe ne bayan mai amsa ya gama tuno abubuwan da suka faru. Tana da amfani domin tana sa shi ya auna maganarsa da dukiyarsa. Mutum yakan yabi wanda ba zai sake ba makullinsa ba.

Akwai kuma abin da ba a tambaya. Ƙabilar mutum, addininsa, jam'iyyarsa, ko yana cikin ƙungiyar ƙwadago, ko yana da wata cuta, ko mace tana yawan haihuwa, duk ba hurumin wannan wasiƙa ba ne. Dokar 2023 ta sa lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, kuma tun 2014 akwai dokar da ta hana nuna wa masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau bambanci wajen ɗaukar aiki. Idan zuwa aiki a kan lokaci ne damuwarka, tambayi ko yana fashi ba da izini ba. Kada ka tambayi me yake damunsa.

Wa'adi

Wasiƙar da ta ce a amsa da wuri ba ta faɗi komai ba, domin wurin kowa dabam. A sa rana, a sa kwanan wata, a sa ƙarfe. Kwanakin aiki biyar zuwa bakwai sun isa. Ƙasa da uku takura ce ga mutumin da alfarma yake yi maka, kuma ba zai samu damar duba fayil ba, sai ya amsa da ka. Fiye da mako biyu kuwa wasiƙar za ta nutse a ƙarƙashin wasu takardu, shi kuma mai neman aikin yana iya samun wani wuri. A duba kalanda kafin a sa ranar: makon Sallah, ƙarshen shekara, da ƙarshen wata ga masu aikin lissafi, duk lokuta ne da amsa take jinkiri. Faɗin dalilin wa'adin, wato ranar yanke shawara, yana sauya yadda ake jin sa. Ba umarni ba ne daga baƙo, sanarwa ce cewa abincin wani yana jiran wannan amsa.

A misalinmu, idan ranar Alhamis, 7 ga wata, ta yi ba a ji komai ba, sai a aika tunatarwa ta layi biyu ko a buga waya. Idan an yi maganar a waya, mai kira ya rubuta amsoshin a lokacin, ya sa rana da ƙarfe, ya karanta wa manajan abin da ya rubuta, sannan ya tura masa a rubuce ya tabbatar. Mutane sun fi sakin baki a waya, amma abin da ba a rubuta ba kowa yana iya musanta shi gobe.

Idan wa'adi ya cika babu amsa fa? Ana cewa shiru ma magana ce, amma a wannan fage ba a san me take cewa ba. Wataƙila manajan yana kan hanya, wataƙila dokar kamfaninsu ta hana shi, wataƙila haushin tafiyar yaron yake ji, wataƙila kuma akwai abin da ba ya son faɗa. Ba a hukunta mai neman aiki da shirun wani. Abin yi shi ne a gaya masa ba a samu amsa ba, a ba shi kwana biyu ko uku ya kawo sunan wani shugaban da ya yi aiki da shi, a kuma nemi ofishin ma'aikata ya tabbatar da ranaku da muƙami. Amfanin wa'adi ke nan na biyu: yana gaya maka ranar da za ka daina jira ka ɗauki wata hanya. Sai idan mutum ya kasa kawo ko da shugaba ɗaya daga duk inda ya ce ya yi aiki, sannan abin ya zama abin dubawa.

Karanta amsa

Mu ce amsa ta iso ranar Juma'a, 8 ga wata. Manajan ya rubuta cewa Malam Wane ya yi aiki daga Janairu 2022 zuwa Fabrairu 2024 a matsayin mataimakin mai kula da sito. Ya yi wata 14 a ƙarƙashinsa. Ana ƙidaya duk wata uku, kuma sau ɗaya aka samu giɓin katan 30 na man girki, wanda shi ne ma ya fara kai rahoto, bincike kuma ya nuna an yi lodin su a mota ba a rubuta takardar fita ba, aka dawo da su. An ba shi takardar tuhuma ɗaya a kan wannan, ya amsa, aka rufe. Ya ajiye aiki da sanarwar wata ɗaya. Zai sake ɗaukarsa, amma a ganinsa yana buƙatar a tsaya masa wajen rubutun lissafi kafin a sakar masa sito gaba ɗaya.

Ga saɓani biyu a fili. Mai neman aikin ya ce wata 36, manaja ya ce wata 26, bambancin wata goma. Ya ce shugaba, manaja ya ce mataimaki. Mai gaggawa zai ce an kama maƙaryaci. Wanda ya san aikin zai kira mutumin ya ajiye masa bambancin a gabansa, ya saurara. Yana iya yiwuwa watanni goman farko ya yi su ne a matsayin ɗan wucin gadi ta hannun ɗan kwangilar da yake kawo wa kamfanin ma'aikata, abin da ya zama ruwan dare a masana'antu da bankuna, don haka sunansa bai shiga rajistar kamfanin ba sai Janairu 2022. Wannan ana iya tabbatar da shi da saƙonnin shigar albashi na banki. Batun muƙami kuwa, a ce ya amsa cewa ya riƙe siton na wata huɗu lokacin da mai shi ya yi jinya. To a nan ya ƙara gishiri, kuma ya kamata a gaya masa haka. Amma ƙarin gishiri dabam, ƙirƙirar aikin da ba a taɓa yi ba dabam.

Abin lura shi ne, wannan amsa mai ɗauke da giɓi da tuhuma ta fi amsar da babu tabo a cikinta daraja. Tana da adadi, tana da dalili, tana da yadda aka ƙare, alamar mai rubutun ya san mutumin. Amsar da ya kamata ta sa ka ɗaga gira ita ce wadda ta dawo cikin minti goma cike da yabo, ba wata, ba lamba, ko wadda kalmominta suka yi daidai da na takardar mai neman aikin. Haka ma wadda ta amsa tambayoyi biyar dalla-dalla ta tsallake ɗaya. Idan aka ga haka, a kira a yi tambayar da aka tsallake, ita kaɗai, cikin ladabi.

Akwai kuma amsar da take tsayawa a ranar shiga da ranar fita da muƙami. Manyan kamfanoni da yawa sun mayar da wannan doka ga kowa, na kirki da na banza, don gudun shari'a. A Nijar ma, kamar a Faransa, takardar shaidar aiki da doka ta wajabta a ba ma'aikaci ranar tafiyarsa abin da take ɗauke da shi ke nan. Irin wannan amsa ba suka ba ce, ba kuma wankewa ba ce. Amurka ta ga iyakar hatsarinta a kan Charles Cullen, ma'aikacin jinya da ya yi shekara 16 yana yawo tsakanin asibitocin jihohin New Jersey da Pennsylvania. An yi zarginsa a wurare da dama, ana rabuwa da shi shiru, asibiti na gaba ya ɗauke shi ba tare da an gaya masa komai ba. An kama shi a Disamba 2003, ya amsa laifin kashe marasa lafiya 29. A 2005 jihar New Jersey ta yi dokar da ta tilasta wa asibitoci faɗin gaskiya idan wani asibitin ya tambaye su game da tsohon ma'aikacinsu, ta kuma ba su kariya idan sun faɗa da kyakkyawar niyya.

Idan kai aka tambaya

Mutane da yawa suna jin nauyin amsa irin wannan wasiƙa don tsoron giba. Malamai sun daɗe da warware wannan. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum a bayan idonsa yake halatta, kuma ɗaya daga ciki shi ne nasiha ga wanda ya nemi shawara kafin ya ƙulla aure ko kasuwanci ko ya ba da amana. Sharaɗin shi ne a tsaya a gwargwadon buƙata, kuma niyyar ta zama nasiha, ba huce haushi ba.

Dokar zamani ma kusan nan ta tsaya. A 1994 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke hukunci a shari'ar Graham Spring da kamfanin inshora na Guardian Assurance. Kamfanin ya rubuta wa masu son ɗaukarsa cewa ba mai gaskiya ba ne, alhali bai yi binciken kirki a kan zarge-zargen ba, mutumin ya rasa aiki a fagen gaba ɗaya. Kotu ta ce wanda yake rubuta irin wannan shaida wajibi ne ya yi taka-tsantsan wajen tabbatar da abin da yake faɗa, in ya yi sakaci ana iya bin sa diyya. Hukuncin bai ɗaure kotunan Nijeriya ba, amma sukan duba irinsa idan suna neman haske. Don haka faɗi abin da ka gani da abin da yake cikin fayil. Inda ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Idan zargi ne da ba a tabbatar ba, ka kira shi zargi. Ka rubuta kamar mutumin zai karanta, domin yana iya neman ganin abin da aka ajiye a kansa.

A misalinmu, ranar Laraba, 13 ga wata, kamfanin na Kano ya ɗauki Malam Wane a kan gwajin wata uku. Saboda abin da manajan ya faɗa, an tsara cewa babu katan ɗin da zai fita sai da takardar fita mai sa hannun mutum biyu, za a kuma riƙa ƙidaya duk wata maimakon duk wata uku har gwajin ya ƙare. An aika wa manajan na Kaduna godiya ta layi ɗaya, an saka amsarsa a fayil ɗin da mutum biyu kawai suke buɗewa. Wasiƙar ba ta ce a ɗauka ko kada a ɗauka ba, wannan hukunci na mai kamfani ne. Abin da ta yi shi ne ta nuna masa takamaiman wurin da zai sa ido a watannin farko, wato littafin fitar da kaya.